An ce akwai farin ɗigo a zuciyar ɗan da ke cikina

Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 29, wannan ne cikina na biyu, kuma yanzu sati 21 ke nan. Shekaranjiya aka tura ni hoton ciki daga wurin awo. Mai hoton ya daɗe yana kallon wuri ɗaya bai ce uffan ba, daga baya ya ce akwai wani ɗan farin ɗigo a zuciyar yaron, wai wani lokaci ana ganinsa a yara masu lalurar Down, in kai wa likitana takardar. Duka-duka minti goma bai cika ba. A takardar an rubuta "echogenic intracardiac focus, left ventricle", sai awon kai da na cinya, sai "placenta anterior". Ranar awona sai nan da sati uku. Maigidana ya ce dama yawan hoto ne ke jawo tashin hankali, ba zan sake yin wani ba. Hajiyarsa ta ji labari, tana cewa ko don auren zumunci ne, domin shi ɗan wan babana ne. Kwana biyu ban yi barci ba. Zuciyar yaron nan tana da rami ne? Laifina ne? Me zan yi?

Wata 'yar uwa daga Kano

Wa alaikis salam ƙanwata. Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukar ki: wannan ɗigon ba rami ba ne, kuma ba ciwon zuciya ba ne. A cikin ɗakin zuciya akwai wasu 'yan ƙananan tsokoki da ke riƙe da ƙyauren da jini ke bi, kamar yadda turaku ke riƙe igiyar rumfa. Wani lokaci ɗan sinadarin kalsiyam kan taru a kan ɗaya daga cikinsu. Na'urar hoto da sauti take aiki, duk abin da ya fi kewayensa tauri sai ya dawo da sautin da ƙarfi, ya fito fari fat kamar ƙashi. Abin da mai hoton ya gani ke nan. Ba ya tare jini, ba ya canza bugun zuciya, ba ya buƙatar magani ko tiyata. A cikin ciki ɗari da ake dubawa a irin wannan lokacin, kusan uku zuwa biyar ana ganin ɗigon, mafi yawa a ɗakin hagu irin naki, kuma kusan dukansu lafiyayyun yara ake haifa. Babu abin da kika ci, ko kika sha, ko kika ɗauka da ya kawo shi.

To me ya sa aka ambaci lalurar Down? A nan ne nake so ki ba ni hankalinki, domin likitoci kan raba abin da suke gani a hoto gida biyu, sai dai ba kowa ne ke tsayawa ya bayyana wa mai ciki bambancin ba. Gida na farko shi ne tawaya ta haƙiƙa a halitta: ƙashin baya a buɗe, leɓe a tsage, ƙoda ɗaya babu, zuciya ba ta rabu yadda ya kamata ba. Wannan ita kanta matsala ce, kuma akwai abin da za a shirya mata. Gida na biyu shi ne abin da za ki ga an rubuta "soft marker" a takarda, ni kuwa nakan ce wa matan da ke zuwa wurina 'yar manuniya ce mai rauni. Ita kanta ba cuta ba ce, sau da yawa ma takan ɓace kafin haihuwa. Abin da ya sa ake kula ta kawai shi ne, da aka yi lissafi an ga tana ɗan fi yawa a jariran da ke da matsalar kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado da ke cikin jiki, fiye da sauran. Kamar ki ga hadari ya ɗan taso daga gabas ne: yakan zo da ruwa, amma sau nawa yake washewa ba a samu ko yayyafi ba? Ɗigon zuciya kuwa, a cikin duk manuniyoyin nan, yana sahun waɗanda suka fi rauni.

Bari mu yi lissafin da shekarunki, don tsoro yakan ragu idan aka ba shi lamba. Lalurar Down tana faruwa ne idan jariri ya zo da kuromosom na 21 guda uku maimakon biyu, kuma babban abin da ke ƙara yiwuwarta shi ne shekarun uwa. Mace mai shekara 29 ko 30, yiwuwar kusan ɗaya ce cikin dubu. Mai shekara 35, kusan ɗaya cikin 350. Mai shekara 40, kusan ɗaya cikin ɗari. Idan ɗigon nan shi kaɗai aka gani, wasu masana na ganin bai ƙara komai a kan lissafin ba, wasu kuma na ganin ya ɗan ƙara, amma bai kai ninki biyu ba. Mu ɗauki mafi muni, mu ce ya ninka. Ɗaya cikin dubu ta koma ɗaya cikin ɗari biyar. Wato a tara mata ɗari biyar sa'o'inki, kowacce da irin takardar da ke hannunki, 499 daga cikinsu yaransu ba su da lalurar. Har yanzu ba ki kai ɗaya cikin 350 na mai shekara 35 ba.

Amma ki lura da sharaɗin da na gindaya: idan shi kaɗai aka gani. Kalmar da likitoci ke nema a takarda ita ce "isolated", ma'ana an duba ko'ina, ba a samu wani abu tare da shi ba. Duk nauyin maganar a kan wannan kalma yake. Kuma gaskiyar da zan faɗa miki ita ce, takardarki kamar yadda kika karanto min ba ta isa a ce haka ba. Ba wai ta nuna wani mugun abu ba ne, a'a, ba ta nuna an duba sauran ba ne. Awon kai, awon cinya, wurin da mabiyiya take, wannan hoton duba girma ne na yau da kullum. Cikakken hoton duba halitta, wanda ake yi tsakanin sati 18 zuwa 22, aiki ne da ke cin minti talatin ko fiye, kuma takardarsa kan zo da gaɓoɓi a jere, kowacce an rubuta an gan ta ko ba a gan ta ba. Ba na so ki ɗauki mai hoton a matsayin mugu. Mai yiwuwa layi ne ya yi masa yawa, ya ga abu ya ji tsoron ɓoyewa. Kuskurensa shi ne ya furta sunan lalura a tsaye, bai zaunar da ke ya ba ki lissafi ba.

Ga abin da ya kamata a bi, don in kin kwanta a gadon ki san me ake nema. Ana farawa da kai. Ana duba ƙoƙon ya rufe kuma siffarsa daidai, a auna faɗinsa da kewayensa. Cikin ƙwaƙwalwa akwai 'yan ɗakunan ruwa biyu, dama da hagu, ana auna faɗinsu, ana so kada ya kai milimita 10. Ana duba ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, sannan a auna kaurin fatar ƙeyar kanta, ana so ya gaza milimita 6. Ki riƙe wannan awon na ƙeya, domin yana cikin manuniyoyin da suka fi nauyi a maganar Down; idan naki ya fito daidai, ya fi ɗigon zuciya muhimmanci nesa ba kusa ba. Daga nan sai fuska: idanu biyu, leɓen sama ko a haɗe yake, da ƙashin hanci. Sai a bi ƙashin baya tun daga wuya har gindi, a tsaye da kuma a gicciye, a tabbatar fata ta rufe shi duka.

Zuciya ce ke cin lokaci, kuma a nan ake gane gwanin mai hoto. A wannan lokacin girmanta bai wuce ɗan yatsanki na babba ba, ga ta tana bugawa sau 120 zuwa 160 a minti ɗaya. Ana duba tana ɓangaren hagu, ɗakunanta huɗu ne, na dama da na hagu sun yi kusan daidai, bangon da ke tsakaninsu bai da ɓula, sannan manyan jijiyoyi biyu da ke fita daga cikinta sun gitta juna kamar yadda aka halicce su. Wannan dubawar ce ke amsa tambayarki ta rami, ba ɗigon ba. Ƙasa da zuciya ana neman tumbi, ya fito kamar baƙin kumfa a hagu, alamar yaro yana haɗiyar ruwa. Ana duba hanji, da wurin da igiyar cibiya ta shiga ciki ko bangon cikin ya rufe. Ana neman ƙoda biyu da mafitsara mai cika tana zubarwa. Igiyar cibiya a ƙirga jijiyoyinta, uku ake so. Sai hannaye da ƙafafu, dogayen ƙasusuwa, da yadda tafin ƙafa ya zauna. A ƙarshe a duba yawan ruwan da yaron ke ciki, da nisan mabiyiya daga bakin mahaifa. Kalmar "anterior" da ke takardarki tana nufin mabiyiyar tana bangon gaba, ba aibu ba ne, sai dai takan sa motsin yaro ya yi jinkirin jiyuwa sosai, kada hakan ya ƙara miki fargaba.

A kan wannan hanyar ne sauran manuniyoyin kan fito, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. 'Yar jakar ruwa a cikin ƙwaƙwalwa, wadda ake rubuta wa "choroid plexus cyst", sunanta ya fi ta ban tsoro. Ana ganinta a ciki ɗaya ko biyu cikin ɗari, yawanci takan ɓace kafin wata bakwai, ba ta taɓa basirar yaro, kuma in an gan ta abin da ake yi shi ne a sake duba zuciya da yadda yatsun hannu ke buɗewa. Ɗan faɗin mazubin fitsari a ƙoda ya fi yawa ga 'ya'ya maza, akan sake aunawa wajen sati 32. Igiyar cibiya mai jijiya biyu kan sa a riƙa bin girman yaro. Hanjin da ya yi fari kamar ƙashi shi ne wanda ba a sakaci da shi, domin yana iya zama jinin da yaro ya haɗiya bayan uwa ta yi zubar jini a farkon ciki, yana kuma iya nuna wata ƙwayar cuta ta kama shi, don haka akan yi wa uwa gwajin jini. Ɗaya ita kaɗai, yawanci magana ce ƙarama. Biyu ko uku tare, ko ɗaya tare da tawaya ta haƙiƙa, nan lissafi ke canzawa sosai, nan ne kuma likita zai zaunar da ku ya yi maganar ƙarin gwaji da gaske.

Saboda haka shawarata ta farko, kada ki jira sati ukun nan. Kina sati 21, in kin jira za ki kai 24, kuma ko da yake ana iya dubawa a lokacin, yanzu ne ya fi kyau. Ki koma wurin awo cikin satin nan da takardarki, ki ce wa nas ko ungozoma kina son ganin likitan mata saboda sakamakon hoto. Ki nemi ya rubuta miki takardar cikakken hoto, sunan da za ki ga ya rubuta shi ne "anomaly scan", kuma ki tambaye shi wurin da ya amince da aikinsu. Tun da a Kano kike, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na kusa, akwai kuma wuraren hoto masu zaman kansu da likitocin hoto ke zama da kansu. Kafin ki biya kuɗi ki yi tambaya biyu: wa zai yi hoton, kuma minti nawa ake ware wa mutum? Wanda ya ce miki yanzun nan za a gama, ba shi kike nema ba. Ki ci abincinki, ba a azumi dominsa. Idan yaro ya juya baya ya ƙi nuna fuska ko zuciya, za a ce ki tashi ki ɗan zagaya, ko ki dawo wata rana. Wannan ba mugun labari ba ne, alama ce ta mai hoton da ba ya rubuta abin da bai gani ba. Shirun da yake yi kuma, yawanci ƙirga da awo yake, ba ɓoye miki wani abu ba.

Idan an gama, kada ki tashi sai kin ji amsar abu uku daga bakinsa: ɗigon shi kaɗai ne? Ginin zuciyar daidai yake, har da manyan jijiyoyin? Akwai gaɓar da bai samu gani da kyau ba? Ki roƙe shi ya rubuta amsar a takarda. Idan ya ce miki "ba mu ga wata matsala ba" bai ce "babu matsala" ba, kada ki zargi harshensa. Haka muke magana saboda hoto yana da iyaka. Yana kama kusan duk jariran da ƙoƙon kansu bai rufe ba, da mafi yawan masu buɗaɗɗen ƙashin baya, amma manyan cututtukan zuciya kusan rabi kawai yake kamawa, ba ya ganin ji ko gani ko basira, kuma ba ya ƙirga kuromosom. Akwai masu lalurar Down da hotonsu ke fitowa tsaf. Wanda ya yi miki rantsuwa da hoto kaɗai, ya faɗi abin da na'urarsa ba ta gaya masa ba.

Idan hoton ya fito da kyau, mata da yawa a nan suke tsayawa, kuma ni ba na ganin laifinsu. Da ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, mai shekarunki, zan ce mata ya isa. Amma in zuciyarki ba ta kwanta ba, akwai gwajin jinin uwa da ake rubuta wa NIPT. Ana ɗibar jini a hannunki kawai, a nemo ɓurɓushin ƙwayoyin gado da ke fitowa daga mabiyiya, ana iya yinsa tun daga sati 10 har gaba. Yana kama kusan 99 cikin ɗari na masu lalurar Down, kuma in ya ce yiwuwar ƙarama ce, maganar ɗigo ta mutu. Aibinsa tsada, ga shi ba kowane gari ake yi ba, kuma in ya ce yiwuwar babba ce, ba hukunci ba ne, sai an tabbatar. Tabbatarwar ita ce a sa siririyar allura ta ciki a ɗebo ruwan da yaro ke kwance a ciki a ƙirga kuromosom ɗin. Wannan yana ba da amsa yankakkiya, sai dai yana da ɗan haɗarin ɓari, ƙasa da ɗaya cikin ɗari biyu a hannun gwani. Ki ajiye wannan lambar kusa da ɗaya cikin ɗari biyar da muka samu ɗazu, za ki ga dalilin da ya sa ba a ba mai ɗigo shi kaɗai shawarar allura. Kafin ki kashe kuɗi a kan kowane gwaji kuma, ki tambayi kanki me za ki yi da amsar. Wasu na so su sani don su haihu a asibitin da ke da likitan jarirai, su kuma shirya zukatansu. Wasu sanin ba zai canza musu komai ba. Duka biyun hanya ce.

Maigidanki kuma, ina ganin ba hoto yake ƙi ba, kukan da ya ga kin dawo da shi yake ƙi. Namiji in ya rasa yadda zai gyara abu, sai ya hana a sake taɓa shi. Kuma yana da 'yar gaskiya: hoton da ake yi barkatai, wannan ya faɗi kaza wancan ya faɗi kaza, ba abin da yake ƙarawa sai zullumi. Don haka kada ki ce masa za ki ƙara hoto. Ki ce masa wancan bai kammala ba, guda ɗaya ake so cikakke a wurin gwani, daga shi an rufe maganar. In tsoronsa na'urar ce, ki gaya masa sauti ce, ba irin hasken da ake hoton ƙashi da shi ba. Mafi kyau ma ku tafi tare ya ji da kunnensa, ya ga ɗansa yana tsotsar yatsa. Na sha ganin wanda ya shigo yana cika yana batsewa, ya fita yana tambayar ko za a buga masa hoton a takarda.

Maganar Hajiya tana buƙatar a raba ta biyu, cikin ladabi. Auren zumunci ba a san shi da kawo lalurar Down ba, domin ita kuskure ne da ke faruwa wajen rabuwar kuromosom a ƙwai ko maniyyi, ba gadon dangi ba ne a mafi yawan lokuta, kuma ba shi ya kawo ɗigon ba. Abin da auren zumunci ke ƙarawa shi ne cututtukan da sai uwa da uba sun haɗu a kan ƙwayar gado iri ɗaya, irin yadda sikila take, da ɗan ƙarin yiwuwar tawayar halitta gaba ɗaya. Wannan dalili ne na gaya wa likita dangantakarku, da duk wani yaro da aka taɓa haifa a dangi da ciwon zuciya ko wata tawaya, don a ƙara natsuwa wajen dubawa. Ba dalilin ɗora wa kowa laifi ba ne, tun da jinin ɗaya ne daga ɓangarorin biyu. Ki bar ɗanta ya kai mata bayanin, ya fi sauƙi daga bakinsa. Addu'arta kuwa ki karɓa hannu biyu, sai dai duk wani jiƙo ko sassaƙe da za a ce zai wanke zuciyar yaro, ki ba da haƙuri, babu abin wankewa. Nan gaba kuma ki rage masu jin sakamakon hoto kafin likita ya fassara shi, don kalma ɗaya in ta zaga gida takan dawo da ƙafa huɗu.

Ki ci gaba da maganin ƙarin jininki da zuwa awo kamar kullum. Zubar jini, tsinkewar ruwa, ciwon mara mai tsanani, ciwon kai mai haɗe da dishi-dishin gani ko zazzaɓi, waɗannan ba sa jiran ranar awo, kuma ba su da alaƙa da ɗigon. In rashin barcin ya zarce sati ko kin kasa cin abinci, shi ma ki faɗa wa likita. Idan cikakken hoton ya tabbatar ɗigon shi kaɗai ne, ba sai an riƙa bibiyarsa ana duba ko ya ɓace ba, ba zai canza yadda za ki haihu ba, kuma ba a buƙatar yi wa jaririn hoton zuciya saboda shi, duban da ake yi wa kowane jariri ranar haihuwa ya wadatar. In kin karɓo sabuwar takardar kuma wata kalma ta tsaya miki, ki rubuto min ita yadda take, mu karanta tare. Allah Ya raba lafiya.